Wanda Zai Yi Kokawa a Makaranta, a Fara Koya Masa Faɗuwa

Akwai maganar da iyaye da wasu malaman motsa jiki suke yawan yi idan aka ce za a shigar da kokawa cikin darasin 'yan sakandare, kuma za a fara da koya wa yaran yadda ake faɗuwa. Cewa suke yi faɗuwa ba abin koyarwa ba ce. A kokawa, in ji su, wanda ya taɓa ƙasa ya sha kaye, saboda haka duk wanda ya zauna yana saba wa yaro da ƙasa yana koya masa karɓar kaye ne tun bai shiga fili ba. Sukan ƙara da cewa iyayenmu da kakanninmu sun yi kokawa a dandali bayan kaka, ba wanda ya taɓa tara su ya ce ga yadda za ku faɗi, kuma sun tashi lafiya garau.

Masu wannan magana ba jahilan kokawa ba ne. Da yawansu sun fi ni saninta, kuma rabin abin da suka faɗa gaskiya ne. A kokawar gargajiya kaye ɗaya ne ke raba gardama. Duk wanda ya kalli gasar Takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975 kuma jihohin ƙasar takwas ke turo 'yan kokawarsu, ya ga yadda ƙato zai murɗe jiki a sama don kada bayansa ya sauka. Irin su Isaka Isaka na Dosso ba da yarda da faɗuwa suka ɗauki takobi ba. To amma ina ganin an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba, kuma yaro ɗan shekara 14 ne zai biya kuɗin wannan haɗin da hannunsa ko da ƙeyarsa.

Mu fara da batun kakanni. Ba daidai ba ne a ce ba su koyi faɗuwa ba. Sun koya, sai dai ba a aji ba. Yaron ƙauye yana fara kokawa tun yana ɗan shekara biyar ko shida, da sa'anninsa, a kan rairayin rafi ko gonar da aka gama girbe. Yana faɗuwa ba adadi a lokacin da jikinsa ba nauyi, ƙasa kuma ba ta da nisa da shi. Kafin ya kai munzali jikinsa ya riga ya san ya dunƙule, ya kare kai, ya mirgina. Ɗalibin da ke gaban malami a yau, musamman a birni, sau da yawa bai bi ta wannan hanyar ba. Ya taso tsakanin siminti da benci, ga shi yanzu ya yi tsawo ya yi nauyi.

Bambancin ba ƙarami ba ne, kuma ana iya lissafa shi. Ƙarfin da jiki ke saukowa da shi ya danganta da nauyinsa da kuma nisan da ya sauko. A ɗauki yaro mai kilo 18 wanda ƙugunsa yake santimita 55 daga ƙasa, a ɗauki saurayi mai kilo 55 wanda nasa ƙugun yake santimita 95. Idan aka ninka nauyi da tsawo, na farko ya ba da kusan 10, na biyu ya wuce 52. Wato saurayin yana bugun ƙasa da abin da ya ninka na yaron fiye da sau biyar, kuma ba a sa nauyin abokin karawar da zai iya faɗo masa a kai ba. Jikin da ya sauko daga mita ɗaya yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 16 a sa'a.

Sai kuma yanayin ƙashin shi kansa. A bakin dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani faifan guringuntsi inda ƙashi ke ƙara tsawo, kuma ba ya gama ƙanƙarewa sai wajen shekara 14 zuwa 16 ga 'yan mata, 16 zuwa 18 ga samari. Wannan wurin ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni. Faɗuwar da za ta bar babba da targaɗe tana iya tsaga wa ɗan shekara 13 ƙashi a daidai wurin. Karayar ƙashin hannu kusa da tsintsiya ita ce karayar da aka fi gani a yara, kuma ta fi yawa a shekarun da suke miƙewa da sauri. Sanadinta kusan kullum ɗaya ne: mutum ya ji zai faɗi, ya miƙa hannu a sandare don ya tare ƙasa. Wannan miƙa hannun halitta ce, ba wauta ba. Ba ya barin mutum don an ce ya bari, sai an maye gurbinsa da wata ɗabi'ar da aka maimaita har ta zauna.

Waɗanda suka fi kowa tsara wannan koyarwa su ne 'yan judo. Jigoro Kano ya kafa makarantarsa ta Kodokan a Tokyo a 1882, kuma har yau abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne faɗuwa, wadda suke kira ukemi. Ba a taɓa jin wannan ya hana Japan fitar da zakaru ba. Amma akwai wani darasi mai ɗaci daga can da ya kamata malamanmu su sani. Wani mai bincike a Jami'ar Nagoya, Ryo Uchida, ya tattara bayanan da suka nuna ɗalibai fiye da 100 sun mutu a judon makarantun Japan cikin shekara kusan talatin daga 1983. Yawancinsu 'yan shekarar farko ne a makarantunsu, kuma abin da ya fi kashe su zubar jini ne a cikin kai. Wannan ya faru a ƙasar da ake da tabarmin wasa masu kyau kuma ake koyar da faɗuwa. Abin da na fahimta daga nan shi ne, nuna wa yaro faɗuwa sau biyu a ce an koyar bai isa ba. Haɗarin yana wurin da aka jefa sabon shiga da baya, da ƙarfi, tun wuyansa bai iya riƙe kansa ba.

To yaya ake koyar da ita? Bari mu ɗauki aji ɗaya mu bi shi. A ce 'yan aji uku ne na ƙaramar sakandare, su 40, ana da mako shida, kowane mako darasi biyu a haɗe, minti 80. Makarantar ba ta da tabarmin kokawa, kamar yadda akasarin makarantunmu ba su da su.

Aikin farko na fili ne, kuma kafin yara su zo ake yinsa. Ramin yashin da ake tsallen nesa ya wadatar idan an faɗaɗa shi. A tone shi da shebur, a tsince duwatsu da fasassun kwalabe da ƙaya, a tabbatar yashi mai laushi ya kai zurfin santimita 30 ko fiye. Yashin da aka daɗe ana tattakawa, ko ruwa ya doke shi rana ta busar, yana daskarewa ya zama kusan daɓe, don haka a kowane darasi sai an sake kaftarsa. Malam ya gwada da kansa: ya durƙusa a kai da ɗan ƙarfi, in gwiwarsa ta ji, ƙeyar yaro za ta fi ji. Katifun ɗakin kwana suna da amfani wajen matakan farko, amma suna zamewa su buɗe a tsakani, ƙafa ta faɗa ciki ta gurɗe, don haka kada a yi jifa a kansu. A cire agogo da zobe da laya da guru, a yanke farce. Wanda ke da makero ko buɗaɗɗen ƙurji ya tsaya a gefe sai ya warke, domin fata da fata ake haɗawa. 'Yan mata su yi nasu daban da malama mace, da dogon wando, a cire duk wata allurar ɗankwali ko ta hijabi.

Ba a sa yara 40 su faɗi lokaci guda. A raba su rukuni huɗu na goma-goma. Goma suna cikin yashi, tsakanin kowane biyu akwai tazarar da hannuwansu ba za su haɗu ba, kuma duk suna fuskantar gefe ɗaya, saboda karon kai da kai ya fi faɗuwar kanta haɗari. Goma na biyu suna tsaye, kowa yana lura da abokinsa. Sauran ashirin suna can gefe suna gyaran tsayuwa da taku.

Faɗuwar baya ake fara koyarwa, domin ita ce mai kai ƙeya ƙasa. Abu uku ne a cikinta. Haɓa ta manne da ƙirji, ido yana kallon cibiya. Baya ya lanƙwashe, yadda jiki zai sauka gaɓa bayan gaɓa maimakon ya sauka gaba ɗaya. A tuna bambancin tayar da aka gara da allon da aka saki. Sannan hannuwa biyu su mari ƙasa a miƙe, tafi yana kallon ƙasa, daga yatsu har damtse su sauka tare, ba a manne da jiki ba kuma ba a shimfiɗe daidai kafaɗa ba, a tsakiya, wajen digiri 45. A daidai lokacin yaro ya fitar da numfashi da ɗan sauti. Marin yana raba bugun a kan wuri mai faɗi, amma babban amfaninsa a wajena shi ne yana ba hannu aikin yi. Hannun da ke jiran ya mari ƙasa ba zai koma baya ya dafa ba.

Ana hawa ne mataki-mataki, irin hawan da yaron ƙauye ya yi cikin shekaru, mu kuma muke matse shi cikin makonni. Da farko yaro yana kwance rigingine, ya ɗaga kai ya mari ƙasa sau goma. Sai a zaune, ya mirgina baya. Sai a tsugune. Sai a tsaye, ya ja ƙafa ɗaya baya, ya sauke ɗuwawunsa kusa da dugadugansa kafin ya mirgina. Makon farko duka bai kamata ya wuce tsugunno ba. Ƙa'idar da zan ba malami ita ce, kada yaro ya hau mataki na gaba sai ya yi goma a jere kansa bai taɓa ƙasa ba. A kan yashi shaidar ba ta ɓuya: a duba ƙeyarsa. In akwai yashi a gashinsa, ya koma matakin baya.

Kunne ma yana taimakon malamin da ido biyu kawai yake da su. Faɗuwa mai kyau sauti ɗaya take bayarwa, baya da hannuwa sun sauka tare. Idan an ji biyu, ko dai hannu ya riga jiki, wanda ke nufin yaron dafawa yake yi, ko ya makara, wanda ke nufin bai tare komai ba. Wanda ya tashi yana murza gwiwar hannu ya sauka ne da hannu a lanƙwashe. Wanda ya tashi yana haki kamar an naushe shi a ciki ya riƙe numfashi ne, ko ya sauka da baya a miƙe. Wanda kuma kansa ke lilo baya duk da ya san ƙa'ida, wuyansa ne bai yi ƙarfi ba tukuna. Wannan ba faɗa zai gyara shi ba. A ba shi aikin kwanciya yana ɗaga kai ya riƙe daƙiƙa goma, sau biyar, a farkon kowane darasi.

A mako na biyu sai faɗuwar gefe, kuma a kokawa ita ce aka fi bukata, domin taɗiya a kan kwiɓi take kayar da mutum. Yaro ya share ƙafar dama ta gaban ta hagu, ya sauka a kan cinya da gefen bayansa na dama, hannun dama ya mari ƙasa, haɓa a ƙirji. Kuskuren da ake tsoro a nan shi ne sauka a kan tsinin kafaɗa, wanda ke karya ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji. A yi hagu daidai yawan dama, ko da yara za su yi ƙorafi, saboda abokin karawa ba ya tambayarka gefen da ka fi so. Faɗuwar gaba ba ta da wuya: daga durƙuso, a sauka a kan tafi da sangalin hannu tare, fuska a juye gefe. Alkafura ta kan kafaɗa kuwa, ni zan bar ta a ajin da bai wuce mako shida ba, sai fa in malamin ya ƙware a kanta, domin wanda ya yi ta ba daidai ba a kan tsakar kansa yake sauka.

Kada mai karatu ya ɗauka yaran za su yi wata guda suna mirgine-mirgine ba su kama juna ba. Da haka ne, da masu sukar sun yi gaskiya, kuma da yaran sun gudu. Tun ranar farko ake kamawa, sai dai kamawar da ba jifa a cikinta. A haɗa su bisa nauyi, ba bisa shekaru ko abota ba. Mai kilo 45 kada ya kama wanda ya wuce 50, kuma ko an daidaita nauyi malam ya raba mai zafin rai da mai tsoro. A koya musu tsayuwa: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ɗaya ta ɗan shiga gaba, gwiwoyi a lanƙwashe, baya a miƙe, kai a ɗage. Ɗage kan nan ba ado ba ne. Yaron da ke sunkuyar da kai ya afka wa ƙafafun abokinsa shi ne wanda wuyansa ke lanƙwashewa a ƙarƙashin nauyin mutum biyu.

Daga nan sai wasannin riƙo. Ƙirji da ƙirji, kowa hannunsa ɗaya a ƙarƙashin hammatar ɗan'uwansa, ɗayan a sama, suna musayar hannu a hankali, daga baya a ce wanda ya fara zura hannu biyu a ƙasa ya haɗa su a bayan abokinsa ya ci. A zana da'ira mai faɗin taku huɗu, a yi ture, wanda ya taka waje ya fita. A yi kokawa daga durƙuso, inda faɗuwar ba ta da nisa, na daƙiƙa 30 kacal. Langa tana gyara tsayuwa ƙwarai, amma a jinkirta ta sai an iya faɗuwar gefe, tunda mai langa hannunsa ɗaya na riƙe da ƙafa, ɗayan ne kaɗai zai miƙa in ya tafi ƙasa. Abubuwan da aka hana a faɗe su tun farko kuma kada a sassauta wa kowa: shaƙe wuya, murɗa hannu ko yatsa, riƙe kai shi kaɗai ba tare da hannu ba, sungumar mutum sama a maka da ƙasa. A kuma yi yarjejeniya cewa duk wanda ya ce "tsaya", ko ya bubbuga jikin abokinsa sau biyu, an sake shi nan take.

Sai a mako na huɗu kaye zai shigo, kuma guda ɗaya ya isa. Mai kayarwa ya riƙe hannun abokinsa na dama a gwiwar hannu, ya ja shi har nauyinsa ya koma kan ƙafa ɗaya, ya taɗe ta, ya sauke shi a kan kwiɓi. A fara wanda za a kayar yana durƙushe a gwiwa ɗaya, sannan a tsaye a hankali, an san wanda zai kayar an san wanda zai faɗi. Nan ne rabin darasin da ake mantawa yake: faɗuwa lafiya aikin mutum biyu ce. Mai kayarwa ba ya sakin hannun da ya riƙe, yana ɗan jansa sama a lokacin saukar don kai da kafaɗa su tsira, kuma yana tsayawa da ƙafafunsa, ba ya bin abokinsa ya danne shi. Idan malam zai ba da maki, ya ba mai kayarwa rabinsa a kan yadda abokinsa ya sauka. Taɗiyar da ke kai mutum baya kai tsaye, ƙeya na fuskantar ƙasa, ba ta 'yan mako shida ba ce.

Yanzu mu koma ga tsoron da aka fara da shi, cewa wanda ya saba da ƙasa zai riƙa sallama kaye da wuri. Abin da ake gani a fili akasin haka ne. Yaron da ke tsoron faɗuwa sandarewa yake yi, ya tura ƙugu baya, ya miƙe hannuwa yana tokare abokinsa, ba ya kai hari domin duk hari yana bukatar ka ɗaga ƙafa ka ba da nauyinka. Irin wannan shi ya fi sauƙin kayarwa, shi ya fi jin ciwo in ya faɗi. Wanda ya san ƙasa ba za ta yi masa illa ba shi ke shiga ya gwada, kuma yana iya maimaita kaye ɗaya sau ashirin a darasi saboda abokinsa ma yana tashi ya karkaɗe jiki a ci gaba. Na yarda cewa ɗan kokawar da ya kai matakin gasa zai koyi murɗewa da juyawa a sama don ya tsere wa kaye, kuma a lokacin ba zai mari ƙasa ba. Amma wannan gini ne a kan jikin da ya riga ya san inda kansa yake a duk juyin da aka yi da shi. Ajin makaranta kuma ba sansanin zakaru ba ne. Cikin yaran nan 40 ƙila biyu ne za su ci gaba da kokawa, amma dukansu za su hau babur, za su taka santsi a bakin rijiya ko makewayi.

Duk da haka wata rana wani zai bugu, kuma malam ya san abin yi tun kafin ranar. Yaron da kansa ya bugi ƙasa ya tashi yana jiri, ko ciwon kai, ko ya rasa amsar tambaya mai sauƙi kamar wane darasi aka yi kafin wannan, ya gama wasa a ranar, ko da ya rantse ya warke, ko da bai suma ba. A sanar da iyayensa, kuma kada ya dawo kokawa sai ma'aikacin lafiya ya duba shi. In ya yi ta amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci na fizgarsa ba a iya tashinsa sosai, ko ya yi farfaɗiya, asibiti za a nufa a lokacin. Wanda ya ce wuyansa na ciwo kuma hannu ko ƙafa sun yi masa sanyi ko sun sage, kada a ɗaga shi, kada a ja shi a ce ya miƙe. A riƙe kansa yadda yake har a samu masu ɗaukarsa a kan abu mai tauri. Tsintsiyar hannun da ta kumbura, yaron kuma yana zabura in an danna bakin ƙashin, a ɗauke ta a matsayin karaya sai hoto ya nuna ba haka ba. Na san gidaje da yawa wajen mai ɗori za su fara zuwa, kuma ba raina sana'ar nake yi ba, amma tsagewar da ta bi ta wurin da ƙashi ke tsawo ido ba ya ganinta, in kuma ta haɗe a karkace hannun yana iya girma a karkace. A ɗauki hoto tukuna.

A mako na biyar da na shida sai a buɗe kokawa ta gaske, minti ɗaya-ɗaya, mutum biyu kacal a cikin yashi, malam yana tsaye kusa da su da usur a baki. Wanda zai shiga sai ya cika sharaɗi: faɗuwar baya goma daga tsaye ba yashi a ƙeya, ta gefe biyar dama biyar hagu, sannan ya kayar da abokinsa sau biyar bai saki hannunsa ba. A aji mai 40 za a samu waɗanda ba su kai ba, wani lokaci har da ƙaton da kowa ke ganin shi ne gwanin ajin. Su ci gaba da kokawar durƙuso da turen da'ira, a ba su makinsu a kan wannan, a sake gwada su a darasi na gaba.